Minti 25 tsakanin baƙon da ya tafi da wanda ke hanya

Shekarata ta huɗu ke nan ina gyaran ɗakuna a wani ƙaramin gidan baƙi a Zinder, mai ɗaki goma sha biyu. Wahalar aikinmu tana tsakanin sha biyun rana da la'asar. Masu tafiya Kano ko Difa suna sakin ɗaki a makare, waɗanda suka taso daga Yamai tun asuba kuma suna hanya, kusan kilomita 900, kuma ba abin da suke so in sun iso sai wanka da gado mai tsabta. Lokacin hawan salla, da mutane ke cika gari don kallon dawakin Sarkin Damagaram, nakan juya ɗaki shida ni kaɗai a wuni.

Da na fara, ɗaki guda yana cin mini kusan awa. Ba don ina da nawa ba, yawo ne ya yi mini yawa: in je sito in ɗauko zanen gado, in dawo in tuna ban ɗauko sabulu ba, in sake fita neman tsumma. Wata dattijuwa da na tarar a wurin, muna ce mata Inna, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga fitata daga ɗaki ɗaya, sau tara. Ta ce, "'Yata, ƙafarki ce ke aiki, ba hannunki ba." Ranar ta sa na rubuta jerin aikin a bayan kwali, na rataye shi a jikin kwandon kayana. Yanzu ba na shiga ɗaki sai kwandon ya cika: zanen gado biyu, rigunan filo, tawul, sabulu, ledar shara, safar hannu, tsummoki kala uku da bokiti biyu.

Abu na farko a kwalin shi ne kashe fanka da buɗe taga, sannan in duba ko baƙo ya manta wani abu, ƙarƙashin filo, cikin durowa, da jikin soket inda ake barin caja. Daga nan in kwashe shara, in yaye gadon. Ba na kakkaɓe zanen da aka kwana a kai, naɗe shi nake yi ciki-ciki in sa a buhu, domin kakkaɓewa watsa ƙazantar take yi a ɗakin. Yayin da katifa take tsirara nakan ɗaga gefenta in bi ɗinkin da ido. Ɗigo-ɗigon baƙi a ɗinki, ko ɗan tabon jini a zane, alamar kuɗin cizo ce. In na gani, aikin ya tsaya nan, in gaya wa mai gida a rufe ɗakin. Sabon zane ba ya maganinsu.

Inda na fi samun lokaci shi ne banɗaki, kuma nan ne na fi daɗewa ina kuskure. Da, ina zuba ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in goge nan take, ina jin warinsa ina ganin an gama. Jabel ba ya aiki haka. Datti da maiƙon jiki suna kashe masa ƙarfi, don haka sai an fara wankewa da omo an ɗauraye. Kuma yana son a bar shi jiƙe a wurin na 'yan mintoci. Saboda haka nakan wanke masai, wurin wanke hannu, kan famfo da daɓe, in shafa jabel, in fita in bar shi. Minti goman da yake aikinsa, ni ina cikin ɗaki ina nawa. Wannan dabarar kaɗai ta rage mini kusan kwata na awa, kuma banɗakin ya fi na da tsabta.

Awon ma ba da ido nake yi ba. In an rubuta 2,6% a jikin kwalbar, kashi ɗaya na jabel ne cikin kashi 25 na ruwa, wato mililita 200 a bokiti mai lita 5. Na yi wa wani kofin roba zane a daidai wurin. Kullum da safe nake haɗa sabo, da ruwan sanyi, domin wanda ya kwana ya rasa ƙarfi, balle a zafinmu na watan Afrilu. Ba a haɗa shi da maganin cire farin tabon ruwa daga tayil, wanda asid ne. Haɗuwarsu na fitar da iska mai shaƙe mutum, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, wasu ba taga.

Ƙura tana da nata darasin, na kuma koye shi da kunya. Wata rana cikin hunturu ina sauri, na shimfiɗa farin zane tas, na share, na rufe ɗaki. Baƙon ya shiga ya kunna fanka, ƙurar da ta taru a fukafukanta ta zubo masa a gado. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malama, dubi nan." Na sake gadon gaba ɗaya yana tsaye da jakarsa a hannu. Laifina ne, na fara daga ƙasa. Tun ranar, fanka ce farkon abin da nake gogewa, kafin sabon zane ya fito daga kwando. Nakan zura tsohuwar rigar filo a kowane fiffike in jawo, ƙurar ta zauna a ciki. Sai saman kabad, sandar labule, saman gidan sauro, bakin taga, tebur, a bi ɗakin ta hannun dama har a dawo ƙofa, don kada a tsallake wuri. Da tsumma mai ɗan danshi nake yi, busasshe tayar da ƙura kawai yake yi ta sake sauka bayan na fita.

Tsummokin nan uku ba sa haɗuwa. Ja na masai ne kawai, shuɗi na sauran banɗaki, fari na ɗaki. Da farin nake bin wuraren da hannu ke taɓawa ido bai gani ba: mariƙin ƙofa, makunnin wuta, rimot, makullin ɗaki. Buta ma tana cikin jerin. Mutane da yawa suna mantawa da ita, alhali kowane baƙo yana riƙe ta, don haka nakan wanke ta ciki da waje, in kakkaɓe darduma a waje in duba ko tana son wanki.

Sai gado. Kafin in taɓa sabon zane nakan cire safar hannu in wanke hannuna. Shimfiɗa minti huɗu ce in an saba. Daga nan in koma banɗaki in ɗauraye, in tsane, in ajiye tawul da sabulu.

Kowa a Zinder ya san famfo na iya ɗaukewa ba sallama, shi ya sa na koyi gama ɗaki da bokiti biyu, ɗaya na omo ɗaya na ɗauraya. In ƙarancin ruwan ya tsananta, abin da nake ragewa shi ne yawan kwarara ruwa a daɓe, ba wankin masai ba. Kuma ba na fita sai na cika wa baƙo bokitin ajiyarsa na rufe.

Shara da goge daɓe su ne na ƙarshe, daga can ƙuryar ɗaki ina ja da baya zuwa ƙofa. A bakin ƙofar nakan kunna wuta da fanka in ga suna aiki, in shaƙi iskar ɗakin, in duba kwalina layi-layi. Ɗakin da aka bari da amai ko jini ba ya shiga lissafin minti 25. Irin wannan nakan je wurin mai karɓar baƙi tun da wuri in ce masa, "Malam, lamba bakwai sai bayan la'asar, a ba shi lamba uku."