Sakin layi na biyu ya zauna, bayan na fasa gululun Inna

'Yan'uwa masu fama da takardar neman aiki, jiya da daddare na gama rubutu na shida, kuma shi ne na farko da Kawu ya karanta har ƙarshe bai ɗauki jan biro ba. Mako uku ke nan ina kokawa da shafi ɗaya tal. Aikin da nake nema na mataimakin jami'in ilimantarwa ne a wani gidan tarihi a cikin birnin Kano, ni kuwa daga ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu nake rubutawa, da digirin tarihi da takardar gama bautar ƙasa, ba wani abu bayan wannan.

Ba zan tsaya kan adireshi biyu da kwanan wata da kanun wasiƙa ba, duk kun san su. Sakin layi na farko ma bai ba ni wahala ba: ga aikin da nake nema, ga inda na ga sanarwar, ga abin da na karanta da shekarar da na gama. Jimla uku. Inda na maƙale shi ne na biyu, wurin da ake so mutum ya nuna ya iya aikin, alhali bai taɓa yin sa ba.

A rubutun farko na cika wurin da tarihin Kano. Na kawo Bagauda da shekarar 999, na kawo Gijimasu da fara ginin ganuwa, na kawo Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499 da Gidan Makama da kasuwar Kurmi, na gangaro har shigowar Turawa a 1903. Ina ji da kaina sosai. Kawu tsohon hedimasta ne, ya yi shekaru yana karanta takardun masu neman koyarwa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗan nan, ka je gidan mai ƙosai kana yi masa bayanin wake. Wanda zai karanta takardar nan a cikin tarihin yake wuni. Ina yaran?"

Na ce waɗanne yara? Ya ce in ɗauko sanarwar in sake karantawa da ƙarfi. Abu huɗu ta lissafa: zagayawa da ɗaliban da suka zo ziyara, shirya musu takardun aiki, kai darasi makarantu, da rubuta rahoto bayan kowace ziyara. Babu inda ta ce ana neman mai haddar sunayen sarakuna. Malami suke nema, sai dai malamin da allonsa kaya ne, tulu ko sirdi ko takobi.

Rubutu na biyu da na uku sun fi na farko muni. Na cika su da "ni mai ƙwazo ne", "ina son yara", "ina da kishin al'adunmu". Kawu ya ja layi a ƙarƙashin kowace, ya rubuta kalma ɗaya a gefe: shaida? A na ukun har na ƙara cewa na taɓa zama ɗan jagora a duwatsun zane na Birnin Kudu. Gaskiyar magana, 'ya'yan yayata na kai Dutsen Habude ranar yawon salla, na nuna musu zanen shanun, muka buga dutsen nan mai amo kamar ƙararrawa, muka dawo. Kawu ya soke layin gaba ɗaya. Ya ce ranar ganawa tambaya biyu za su yi mini a kai, ƙarya ta ƙare, sauran takardar ma ta bi ta. Na ji haushi a ranar, amma ya fi ni gaskiya.

To, tunda ba ni da shaida, sai na ce bari in samo ta. Na roƙi shugaban firamaren garinmu ya ba ni 'yan aji biyar na minti 40. Yara 23 ne suka zo ranar. Na ari mazarin kakarmu Inna, wanda ta daina kaɗi da shi tun ina ƙarami, har da ɗan guntun allin da take shafawa a yatsu. Da za ta ba ni sai da ta ce, "Angona, in ka ɓata min kaya sadakina ya ƙaru."

Darasin farko ya rushe, kuma laifina ne. Na tsaya gaban allo na yi minti 25 ina zuba kan auduga da saƙa da rini, yara na hamma. Da na ga haka sai na miƙa mazarin ya zagaya. Mazari ɗaya, hannu 46. Na bayan aji suka taso, aka yi ta fisga, wani yaro ya murza shi a kan benci kamar katantanwa, ya faɗo a siminti, gululun, wato dunƙulen da ke jikin mazarin, ya rabe biyu. Yumɓu ne, kuma ya girmi babana. Ban san yadda na ƙarasa lokacin ba. Abin da Inna ta faɗa da yamma ba na rubutawa ba ne.

Amma a nan na gane abin da muka yi a aji a jami'a na haddace don jarrabawa kawai. A gidan tarihi kaya iri biyu ne. Akwai waɗanda aka yi wa rajista aka ba su lamba, suna cikin gilashi ko ma'ajiya, ba mai taɓa su sai ma'aikacin da aka ɗora wa alhakinsu. Akwai kuma kayan taɓawa, kwaikwayo ko sababbi masu araha, da aka tanada don hannun yara, in sun fashe a sayi wasu. Ni na ɗauki na cikin gilashi na jefa cikin aji.

Ranar kasuwa na yi yawo har na sami wata tsohuwa mai sayar da mazarai, na sayi huɗu. Da su da 'yar auduga da kuɗin mashin zuwa da dawowa, naira 3,500 ta tafi, kuɗin da na ware don hoton fasfo. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Darasi na biyu na juya tsarin. Na raba su rukuni huɗu, uku masu mutum shida, ɗaya mai biyar, kowane rukuni da mazarinsa. Ban faɗi sunan abin ba. Na rubuta tambaya uku a allo: da me aka yi shi, wa kuke jin yana amfani da shi, me ya maye gurbinsa yau? Minti goma suna juya shi suna musu. Wata yarinya ta ce dunƙulen ƙasan nan don nauyi ne, don ya daɗe yana juyawa. Ban gaya mata ba, da hannunta ta ji. Daga nan Inna ta shigo, bayan na yi lallashi da goro, ta zauna a tabarma ta shafa alli ta murza, zare ya fara fita daga audugar yana tsawo, aji ya yi tsit. Ni minti takwas kawai na yi magana, na haɗa musu hanyar: a gurje auduga a fitar da iri, a shiɓe ta da baka, a kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, a kai marina irin ta Ƙofar Mata a tsoma a baba, a kai wa masu bugu. Fasasshen gululun ma na zo da shi a cikin gwangwani da murfi, na ɗaga musu su gani daga nesa, na ce wannan ba a taɓawa, kun san dalili. Suka yi dariya, wanda ya fasa ya sunkuyar da kai.

Bayan mako ɗaya na koma da katuna shida, kowane da mataki ɗaya, na ce kowa ya jera su bi da bi. Yara 17 cikin 23 suka jera daidai. Yawancin waɗanda suka kuskure gurza da shiɓa suka musanya, kuma na san dalili: waɗannan biyun da baki kawai na faɗe su, ba su gani ba. Na rubuta wannan a rahoto na rabin shafi, shugaban makaranta ya sa hannu ya buga hatimi.

Yanzu ga sakin layin. Da Turanci yake a takardar, amma ga ma'anarsa:

"A watan da ya wuce na shirya darasin minti 40 kan kaɗi da saƙa ga ɗalibai 23 na aji biyar, ta amfani da mazarai huɗu na taɓawa da tambayoyi uku, tare da wata dattijuwa da ta nuna kaɗin a gabansu. Bayan mako ɗaya, 17 daga cikinsu sun iya jera matakai shida na aikin daidai. Gwajin farko bai yi kyau ba domin na bar tsohon kaya guda ɗaya ya zagaya aji, har ya lalace. Tun daga nan nake raba kayan ajiya da kayan taɓawa. Ina koyarwa da Hausa da Turanci, kuma na haɗo takardar aikin da rahoton darasin."

Mun yi gardama da Kawu kan jimla ta uku. Ni ina ganin wa zai ɗauki wanda ya rubuta da hannunsa cewa ya fasa kaya? Shi kuma ya ce duk takardar ita ce jimlar da ba wanda zai iya kwafa daga ta abokinsa, kuma mai aikin gidan tarihi babban tsoronsa sabon ma'aikacin da bai san haɗarin hannu ba. Na bar ta, amma na rage ta zuwa layi biyu, ban sa ta a farko ba. Har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da ita ba. Ku lura kuma, cikin abu huɗun da sanarwar ta lissafa, uku sun shiga nan: takardar aiki, darasi a makaranta, rahoto. Zagayawa da ɗalibai a cikin gidan tarihi ban taɓa yi ba, don haka ban ce na yi ba. A sakin layi na uku na ce shi ne abin da nake son koya a hannunsu, na haɗa da shekarar da na koyar a ƙaramar sakandare lokacin bautar ƙasa. Tarihin Kano kuwa, daga layi tara ya koma babu.

Ƙaramar matsalar da ta rage ta shagon kwamfuta ce. A wayata takardar shafi ɗaya ce, da aka buɗe ta a can sai wurin sa hannu ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai. Sau uku ana bugawa ina biyan naira 300, kafin yaron shagon ya ce in mayar da ita PDF tun daga wayar. Na bar rubutun a Times New Roman lamba 12, na yanke wata jimlar godiya da ta yi tsawo, ya koma shafi ɗaya.

Jibi zan shiga motar Kano in kai da hannuna, da kwafi biyu, ɗaya su karɓa, ɗaya su buga mini hatimin shaidar karɓa in dawo da shi. Mazari ɗaya zan sa a jaka ko da za a ce in gwada darasi a tsaye. Sauran ukun Inna ta karɓe, ta ce ko ɗaya bai kai nata daidaito ba, kuma bashin gululu yana nan.