Kafin ka sayi monita, karanta abin da ke gefen lambar

Ƙannena masu shirin sayen monita, lambobin da ake bugawa da manyan baƙi a jikin kwali sun taɓa cin kuɗina, kuma ba na so su ci naku. Bari mu ɗauki takardar bayanin wata monita mai inci 24, mai allo irin IPS, 75Hz, da aka rubuta mata 1ms da 1,000,000:1 da 250 cd/m².

Fara da 1ms ɗin nan, wato saurin amsawar allo na kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ka duba haruffan da ke biye da shi. In ka ga MPRT, ba saurin sauya launi aka auna ba. Ana samun wannan adadi ne ta hanyar sa fitilar bayan allo ta riƙa ƙyaftawa, kuma da ka kunna hakan haske zai ragu sosai, wasu ma har kansu ke ciwo. GtG shi ne lokacin da ɗigo ɗaya na allon ke ɗauka kafin ya tashi daga wannan ruwan toka zuwa wancan. Shi ma kamfani yakan zaɓi sauyin da ya fi sauri ne, bayan ya ƙure Overdrive, saitin da ke tura ɗigo ya sauya launi da sauri. A wannan matakin ɗigon yakan zarce launin da ake so, sai ka ga wata farar inuwa tana bin duk abin da ke motsi. Ja taga mai baƙin rubutu a kan allon ka gani da idonka. Galibi matakin tsakiya na Overdrive ya fi tsabta. Kuma allo mai 75Hz sai bayan kusan 13ms yake kawo sabon hoto, saboda haka kada ka ƙara ko sisi don 1ms.

Adadin miliyan ɗin kuwa, na bambancin fari da baƙi, ya fi ba ni haushi. In an rubuta DCR ko Dynamic a gefensa, an auna fari ne fitila na ci da cikakken ƙarfinta, aka auna baƙi bayan an rage ta kusan mutuwa. Ba za ka taɓa ganin su biyun a hoto ɗaya ba. Nemi layin Static. Lissafinsa raba hasken fari da hasken baƙi ne: fari 250, baƙi 0.25, ya ba da 1000:1. Nan yawancin IPS suke, allo irin VA kuma wajen 3000:1. In takarda ta ɓoye Static, ɗauki abin da irin allon ya saba bayarwa.

Haske 250 ya wadatar a ɗaki, amma a shagon da rana ke shigowa nemi 300 zuwa 350. Kula da Peak, domin na ɗan lokaci ne ko na ɗan yanki a allon. Typical shi ne na aikin yau da kullum. In ta hannu za ka saya, fitilarta ta riga ta dusashe da shekaru, don haka sa a kunna maka, ka buɗe farin shafi, ka ƙure hasken a wuri mai rana kafin ka biya.