Pick up da pick out a Babbar Kasuwar Yamai

Jiya ni da ƙanwata muka raka baƙuwarmu 'yar Ghana sayen atamfa. Ƙanwata na koyon Turanci, sai ta ce mata: "Pick up the one you like." Baiwar Allah ta ɗaga turmi ɗaya, ta tsaya riƙe da shi tana dubanmu.

Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma na daɗe ina wannan kuskure. Pick up ɗauka ne, ka ɗaga abu da hannu, ko ka je ka ɗauko mutum a tasha. Zaɓe daga cikin abubuwa da yawa kuwa, pick out ne.

Da muka dawo na ce mata: ƙanwata, in zaɓi kike nufi, ce "pick it out". Kalmar it a tsakiya take zama, ba a cewa "pick out it".