Yadda muke yanka bidiyon koyar da sana'a mataki-mataki

Ƙaramin shago ne gare ni nan Gusau, ni da yara biyu, muna ɗaukar ma masu sana'a bidiyon koyarwa da waya. Abin da ke cin mana lokaci ba ɗauka ba ne, takarda ce. Kafin a taɓa kyamara sai mun zauna da mai aikin mun jera matakai da lamba, ko wace lamba shot ɗaya, wato daga danna rikodin zuwa tsayarwa ba a matsar da waya ba.

Kwanaki wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli ta kawo nata jerin. Mataki na farko ta rubuta "a soya gyaɗa a murje a sheƙe". Na ce Hajiya ai wannan uku ne, suya tana kan murhu, murza tana kan tabarma, shiƙa kuma sai an miƙe tsaye an nemi iska, to wayar da ke kafe kan tirifod, wato mariƙinta mai ƙafa uku, ina za ta bi ki? Da na ga "sannan" ko "kuma" cikin layi, ko aikin ya canja waje, nan nake sa wuƙa.

Inda aka sha fama shi ne tuƙin gyaɗar bayan an dawo daga niƙa. Aiki ɗaya ne amma yana da tsawo, ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana tuƙawa har mai ya fito, ba wanda zai zauna ya kalli wannan duka a WhatsApp da datarsa. Sai muka raba shi. Lamba 5 zuba ruwan farko, waya daga sama don a ga yawansa cikin ludayi. Lamba 6 yadda ƙullun ke yin tauri yana haɗe jiki. Lamba 7 mun matso da waya dab da turmi, ana ganin man yana tsattsafowa yana taruwa gefe, kuma wannan shi ne abin da mai koyo ke nema, don da shi za ta gane nata ya yi ko da saura.

Shot ɗinmu daƙiƙa 6 zuwa 12 ne galibi, da rarar daƙiƙa 2 gaba da baya saboda yanka a manhajar CapCut. Lambar kuwa a kwali muke rubutawa a nuna ma kyamara kafin a fara, in ba haka ba turmi da hannu za ka yi ta gani cikin waya duk kamarsu ɗaya.

Murya daga baya muke ɗauka cikin ɗaki, ƙarar inji da awaki ba ta bari. Nan ma ake kama matakin da ya kumbura: in hoto ya ƙare Hajiya ba ta gama bayani ba to abu biyu ke ciki. Haka ya faru a lamba 9, ashe mulmulawa da jefawa cikin mai ta haɗe, dole muka jira ranar da za ta sake suya muka koma.