Yadda Muke Haɗa wa Asibiti Ƙamus na Hausa da Turanci

Sana'armu fassara ce da tsara takardu, kuma aikin da ya fi cin mana lokaci shi ne haɗa wa ma'aikatan asibiti ɗan ƙamus na Hausa da Turanci. Dalilin aikin a fili yake. Likita yana rubuta kati da Turanci, marar lafiya yana kawo kuka da Hausa, a tsakaninsu kuma akwai nas da ungozoma da mai ba da magani da mai yanka kati, kowa da kalmarsa. Mace ɗaya sai ta ji sunaye uku na ciwo ɗaya kafin ta fita ƙofa.

Ba daga littafi muke ɗebo kalmomin ba. Muna tattara katunan asibitin da ba a cike ba, da takardar amincewa da tiyata, da ambulan ɗin magani, da fastocin bango, mu fitar da abin da ake maimaitawa. Sannan da izinin shugaban asibiti mu zauna wajen awon ciki da tagar magani muna sauraro, muna rubuta kalma kawai, ba suna ba lambar kati. Ƙaramin asibiti kalma ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu sun ishe shi farawa. Masu aikin araha sukan kwafo kalma dubu daga babban ƙamus, su jera Turanci a hagu Hausa a dama, su ɗaure da bango mai sheƙi. Mai asibiti ya ga kauri ya ce ya yi riba, bayan wata guda littafin yana ƙasan durowa ba wanda ya buɗe.

Kowace kalma a wajenmu tana da gurbi shida: kalmar Turanci yadda take a kati, Hausar da aka amince da ita, sauran sunayen da jama'a ke faɗa, kalmar da aka hana, jimlar misali, da wanda ya tabbatar tare da kwanan wata. Gurbi na uku da na huɗu su ne aikin, kuma su ne ba ka samu a jerin 'yan kwafe.

Ɗauki shawara. Idan uwa ta ce ɗanta yana da shawara, tana iya nufin idonsa ya yi rawaya, tana iya nufin ciwon hanta, wata kuma kasala da rashin cin abinci take nufi. Sannan ga zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa, ake yi wa yara rigakafinsa a wata tara. Rawayar ido alama ce, ciwon hanta cuta ce, zazzaɓin shawara wata cutar ce daban, don haka gida uku muke ba su, ba ɗaya ba. Ga yadda na farkon yake fitowa a allon kwamfuta, ban da gurbin wanda ya tabbatar:

```
EN: jaundice (newborn)
HA: shawarar jarirai
Jama'a: shawara, rawayar ido
A guji: ciwon hanta
Misali: Idan ido ko jikin jaririn ya yi rawaya a ranar da aka haife shi, ki dawo da shi nan take.
```

An hana "ciwon hanta" a nan ne saboda yawancin jariran da ke yin rawaya hantarsu lafiya lau take, wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin ne ya taru, kuma uwar da aka gaya wa ɗanta na da ciwon hanta za ta koma gida da tashin hankalin da bai kamata ba. A ɓangaren da ke tafiya daga Hausa zuwa Turanci kuwa, ba ma sa wa "shawara" fassara ɗaya. Tambayoyi muke sawa: ina ne ya yi rawaya, tun yaushe, wane launi fitsari yake, akwai zazzaɓi? Haka muke yi wa basir da sanyi da taifot, domin a bakin mutane kowannensu ya fi ma'anarsa ta likita faɗi nesa ba kusa ba.

Zaman amincewa ba ya wuce awa ɗaya, kalma ashirin a zama. Dole likita ko babban jami'in lafiya ya kasance, da ungozoma, da mai ba da magani, da wanda ke tarbar mutane a ƙofa, don shi ya fi kowa jin Hausar ƙauye. Ƙa'idar raba gardama ɗaya ce: likita ke da hukunci kan ma'ana, marasa lafiya ke da hukunci kan kalma. In an yi ja-in-ja tsakanin amosanin jini da sikila, sai a karanta wa mutum biyar ko shida da ke layi jimlar, a ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Kada a tambaye su "kun gane?", don kunya za ta sa kowa ya ce e. Wadda aka fi ganewa ta hau sama, ɗayar ta koma gurbin jama'a. Ba a jefar da kalmar wani yanki. Mai cewa masassara da mai cewa zazzaɓi duk asibitin za su zo.

Rubutu kuma ba ado ba ne. Ƙashi da kashi lanƙwasa ɗaya ce ta raba su, kuma takardar da ta ce a kawo "kashi" ko a ɗauki hoton "kashi" tana bukatar mai karatu ya yi canke. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Muna rubuta ɓ da ɗ da ƙ cikakku, mu sa wa kwamfutocin asibitin allon rubutun Hausa, mu gwada firinta kafin a buga, saboda wasu nau'o'in haruffa akwati suke fitarwa a madadin ƙ. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Asibitin da ke bakin iyaka ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Kalmomin aro ma haka: maleriya, asma, kwalara, rubutu ɗaya kowannensu. Wata matsalar ita ce nema. Nas da ta buga "kwaya" a Excel ba za ta samu "ƙwaya" ba, sai ta ɗauka babu. Shi ya sa muke ƙara gurbi na musamman da aka cire wa lanƙwasa, don nema kawai.

Jimlar misali ita ce abin da ma'aikaci zai furta, don haka gajeriya muke yi, umarni ɗaya, da siga ta mace da ta namiji. An fi yin ɓarna a wajen magani. Idan kati ya ce `tds`, "sau uku a rana" bai isa ba, wani zai shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar. Muna rubuta lokutan da ke kusa da tazarar awa takwas: da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. "Cokali ɗaya" ma ba ma bari ya wuce, tunda cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali 15, na gida kuma kowanne da girmansa. Jimlar sai ta ce a cika murfin awo zuwa layin 5. Ga ruwan gishiri da sukari, ƙullin lita ɗaya ledar fiya wata biyu yake ci, in ledar mai rabin lita ce, amma sai an duba ƙullin da asibitin ke rabawa kafin a rubuta, domin akwai na rabin lita.

Idan an gama, mutum ɗaya ne a asibitin ke da ikon gyara ainihin fayil ɗin. Kowane bugu yana ɗauke da lamba da kwanan wata a ƙasan shafi, kuma ranar da sabo ya fito ake kwashe tsoho daga tebura. Muna barin farar takarda a tagar magani don rubuta kalmomin da aka ji ba sa ciki, a duba su bayan wata uku. Masu neman ragi sukan ce a cire musu wannan dubawar da gwajin layi, a ba su jerin kawai. Wannan cinikin ba ma karɓa.