Sunan uba a fam ɗin makaranta: kuskuren da ya kai ni Yamai sau biyu

Sunana Salisu, babana Mamman, kakana Lawali. Tun daga firamare a nan Damagaram har na ci bak, idan malam zai kira suna sai ya ce Mamman Lawali Salisu. Nawa ne kullum a ƙarshe, kuma da haka na saba.

Shi ya sa da na zauna cika fam ɗin wata jami'a ta ƙasar waje, na Turanci, na ga First name da Last name, ban tsaya tunani ba. Na farko ai Mamman ne, na ƙarshe Salisu. Akwai gurbin Middle name, na jefa Lawali a ciki. A wani shafin an rubuta Surname, yaron da ke taya ni ya ce: "Yaya, wannan laƙabi ne, kamar surnom." Ba laƙabi ba ne. Surname da Last name da Nom duk abu ɗaya ne, sunan gida. First name shi ne Prénom, sunan yanka.

Takardar karɓa ta zo, na hau kar zuwa Yamai neman biza, kusan kilomita 900. Matar da ke karɓar takardu ta ajiye fasfo kusa da takardar, ta ce: "Malam, wannan ba mutum ɗaya ba ne." Na ce ai sunaye ukun ne dai. Sai ta ɗora yatsa a kan layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, waɗanda ban taɓa karantawa ba. Ga layi na farko:

```
P<NERMAMAN<LAOUALI<<SALISSOU
```

Duk abin da ya zo bayan NER, wato haruffan da ke nufin Nijar, kafin alamar << shi ne sunan gida, abin da ya biyo baya sunan yanka. Wato a fasfona Mamman da Lawali tare suke, ba a raba su, kuma ba ni da Middle name sam. Amsar tana cikin aljihuna ranar da nake cika fam ɗin, wannan shi ne abin da har yanzu yake ci mini rai.

Na koma gida, na jira mako uku kafin jami'ar ta aiko da gyararriyar takarda, na sake biyan kuɗin mota. Mako uku saboda gurbi biyu!

Da ƙanwata ta zo cika nata, na ce ta buɗe fasfo tukuna. Nata sunan baba kaɗai ne kafin <<, babu na kaka, ko da yake gidanmu ɗaya. Ta kwafe shi harafi bayan harafi, yadda aka rubuta da Faransanci, Maman da m ɗaya a tsakiya, a fam ɗin makaranta da na biza da tikitin jirgi.