Tambayar tebur ta kusa cinye mu

Jiya a jarrabawar kimiyyar muhalli tambayar tebur ce ta wahalar da jama'a. An ba da yawan CO2 a iska da ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan: 370 ppm a 2000, 390 ppm a 2010, aka ce a nemo ƙarin kowace shekara.

Kafin in kalli zaɓuɓɓuka sai da na karanta kanun teburin. Na fara soke wanda ya nuna raguwa, tunda lambobin hawa suke yi. Na soke wanda ya ambaci ozon, wannan ai maganar sinadaran CFC masu lalata shi ce, ba ta CO2 ba. Saura 20 da 2. Nan tarkon yake! Ashirin ƙarin shekara goma ne gaba ɗaya, sai ka raba da goma, ka samu 2 ppm. Da yawa 20 suka ɗauka, don gaggawa.